Soke Wakilcin Sayar da Gida ko Fili: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Mutane da yawa a Kano da Kaduna da Abuja ba su ne ke sayar da gidajensu da kansu ba. Wani yana zaune a Jidda, wani aiki ya kai shi Fatakwal, wata kuma ba ta son shiga cikin dillalai, sai a rubuta wa ƙani ko ɗan 'yar'uwa ko lauya takardar wakilci, wadda a ofis ake kira fawa of atoni, a ce ya sayar a madadin mai gida. Ba da wannan iko abu ne mai sauƙi. Karɓe shi ne ke jawo shari'a, kuma yawancin shari'ar a kan tambaya ɗaya take: daga wace rana wakilin ya daina zama wakili? Mai gida yakan ɗauka ranar da ya sa hannu a takardar sokewa ita ce amsa. Kotu ba a nan take tsayawa ba. Tana duba ranar da labarin ya isa kunnen wakili, da ranar da ya kamata mai saye ya sani. A tsakanin waɗannan ranaku ne gida ke salwanta.

Fara duba abin da ka bayar

Kafin a yi maganar sokewa, a ɗauko takardar da aka sa wa hannu tun farko a karanta ta layi-layi, domin ba kowane mai tallar gida ne wakili ba. Dillalin da ka ce ya nemo maka mai saye, aikinsa ya kawo mutum a yi ciniki, ya karɓi la'adarsa. Ba shi da ikon sallamawa, balle ya sa hannu a madadinka. Shi kuwa wanda ka bai wa takardar wakilci mai ɗauke da ikon sayarwa da karɓar kuɗi da sa hannu a takardar mayar da mallaka, hannunsa hannunka ne. Abin da ya ƙulla a cikin iyakar takardar, kai ka ƙulla.

Sai dai wannan takarda ba ta mayar da gidan nasa ba. Kotun Ƙoli ta bayyana haka a shari'ar Ude da Nwara a 1993, inda ta ce takardar wakilci izini ne kawai na yin aiki da sunan wani, ba ita ce ke ɗauke mallaka daga hannu zuwa hannu ba. A shari'ar Chime da Chime a 2001 ta ƙara da cewa mai gida yana da ikon sayar da abinsa da kansa ko da ya ba da wakilci, muddin wakilin bai riga ya sayar ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne inda gizo ke saƙa, domin ya nuna cewa abin tsere ne. Wanda ya riga ƙulla ciniki ingantacce, nasa ne ke tsayawa.

Wakilcin da ba ya sokuwa

Asalin ƙa'ida ita ce wanda ya naɗa yana iya cirewa duk lokacin da ya ga dama, ba sai ya ba da dalili ba. Amma akwai wuraren da hannunsa ke ɗaure, kuma gara ya san su kafin ya biya lauya kuɗin rubuta takardar da ba za ta yi aiki ba.

A jihohin Arewa, sai inda jiha ta yi tata dokar da ta maye gurbi, har yanzu ana komawa ga tsofaffin dokokin cinikin ƙasa na Ingila na 1881 da 1882 waɗanda Nijeriya ta gada. Sashe na 8 na dokar 1882 ya ce idan an ba da wakilci saboda wani abu mai daraja da aka karɓa, kamar kuɗi, kuma an rubuta a jikin takardar cewa ba ya sokuwa, to dangane da wanda ya saya daga hannun wakilin, mai gida ba zai iya soke shi ba sai da yardar wakilin. Mutuwar mai gida ma, ko taɓuwar hankalinsa, ba sa rusa shi. Sashe na 9 kuma ya yarda a rubuta cewa wakilci ba zai soku ba na wani ƙayyadadden lokaci da bai wuce shekara ɗaya daga ranar takardar ba, ko an karɓi kuɗi ko ba a karɓa ba. Idan shekarar ta cika, wakilcin ba ya mutuwa da kansa. Yana komawa ne irin wanda ake iya sokewa, kuma idan mai gida bai soke ba, wakili yana nan da ikonsa.

Wannan ya shafi mutane fiye da yadda ake zato, domin a Abuja musamman, da ma manyan biranen Arewa, an saba amfani da wakilci marar sokuwa a matsayin takardar ciniki. Mutum ya sayar da filinsa, ya karɓi kuɗinsa cif, amma don gudun tsadar neman amincewar gwamna ko minista da jinkirinta, sai ya rubuta wa mai saye wakilci. Idan bayan shekara biyar farashin unguwar ya ninka, sai shaiɗan ya raya masa ya soke wakilcin tunda sunansa ne a satifiket. Wannan ba sokewa ba ce, cin amana ce, kuma mai sayen da ke riƙe da rasit yana zaune a filin yana da hakkin da kotu ke karewa. Haka abin yake idan an ba da wakilcin ne don lamunce bashi: wanda ke binka kuɗi ka ce ya sayar da fili ya ɗauki hakkinsa, ba ka cire shi sai ka biya. Malaman Malikiyya ma a kan haka suke game da wanda aka wakilta sayar da kayan jingina, saboda hakkin wani ya rataya a wakilcin.

A ɗaya ɓangaren kuma, rubuta kalmar "ba ya sokuwa" kaɗai ba ta ɗaure mai gida har abada. Idan ba a karɓi komai ba, wakilin ba shi da wani hakki a cikin gidan, kuma ba a ƙayyade lokaci ba ko lokacin ya wuce, hanyar sokewa a buɗe take.

Yadda takardar sokewa take

Ƙa'idar da lauyoyi ke bi ita ce a kwance da irin abin da aka ɗaura. Ikon sa hannu a takardar mayar da mallakar ƙasa ana ba da shi ne da takarda mai hatimi, wadda aka sa wa hannu gaban shaidu, don haka sokewarsa ma a yi ta da takarda mai hatimi. Kira a waya ka ce "na cire ka" yana da amfaninsa, za mu zo kansa, amma ba ya isa ya goge takardar da ke zaune a fayil ɗin hukumar filaye.

Takardar ba ta bukatar tsawo. Abin da take bukata shi ne kada ta bar ƙofar tawili. Ta ambaci cikakken sunan mai gida da na wakili kamar yadda suke a takardar farko, da ranar da aka yi takardar farkon, da lambar rajistarta, wato lamba da shafi da kundi, idan an yi mata rajista. Ta bayyana gidan da lambar fuloti da lambar satifiket da unguwa. Sannan ta faɗi magana ɗaya ƙarara, kamar haka: "Na soke wannan wakilci da duk ikon da ke cikinsa daga ƙarfe 12 na rana, ranar 3 ga Maris. Daga wannan lokaci wakilin ba shi da ikon tallatawa, ko sallamawa, ko karɓar kuɗi, ko sa hannu a kowace takarda da sunana game da wannan gida." A ƙara masa da umarnin ya dawo da asalin takardar wakilci da satifiket da makullai cikin kwanaki kaza, ya kuma ba da lissafin duk abin da ya karɓa ko ya yi alkawari a rubuce. Sa awa a jikin takarda kamar ƙaƙale ne, har sai ranar da aka ce an biya kuɗin gidan a ranar da aka kai wa wakili takardar, aka shiga musun wanne ya riga.

Idan mai gida ba ya karatu da harshen da aka rubuta takardar, a sa bayanin cewa an karanta masa an fassara kuma ya fahimta, mai fassarar ya sa sunansa da hannunsa. Idan yana ƙasar waje, ya sa hannu gaban notare ko jami'in ofishin jakadancin Nijeriya. Sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce kotu za ta ɗauki takardar wakilcin da aka yi gaban irin waɗannan jami'ai a matsayin sahihiya, kuma hankali ya nuna a bi hanya guda wajen sokewa, don toshe bakin wakilin da zai ce sa hannun na bogi ne.

Ranar fara aiki: uku ce, ba ɗaya ba

Rana ta farko ita ce wadda aka rubuta a takarda. Ita ce ke nuna niyyar mai gida, amma ita kaɗai ba ta hana kowa komai, tunda takardar da ke cikin aljihunka ba wanda ya san da ita.

Rana ta biyu ita ce wadda wakili ya samu labari. Daga nan ne ikonsa na haƙiƙa ke yankewa tsakaninka da shi. Sashe na 47 na dokar 1881 ya kare wanda ya yi aiki da takardar wakilci da zuciya ɗaya alhali bai san an soke ta ba ko mai ita ya rasu. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci a Arewa ke aiki da shi, ya zo daidai da wannan. Shehu Halilu a Muhtasar ya kawo saɓani kan wakilin da aka cire bai sani ba, amma Shehu Dardiri a Aƙrabul Masaliki ya tafi a kan cewa wakili yana sauka ne idan ya san an cire shi, kuma abin da ya zartar kafin ya sani ya zartu. Ke nan ko a babbar kotu ko gaban alƙali, tambayar guda ce: yaushe ya sani, kuma da me za ka tabbatar?

Rana ta uku ita ce wadda mutanen waje suka sani, ko ya kamata a ce sun sani. Ko bayan wakili ya ji an cire shi, idan yana yawo da asalin takardar wakilci mai rajista da satifiket ɗin gidan, a idon mai saye wakili ne. Kai ka ba shi wannan kama, kuma doka tana iya hana ka musanta ta a gaban wanda ya biya kuɗinsa bai san komai ba. Wannan kamar tana gushewa ne kawai idan sanarwa ta kai inda mai saye mai hankali zai duba.

Abubuwa biyu game da zaɓen ranar. Ba a mayar da ita baya. Idan ka ji labari yau cewa wakili ya sallama gidan makon jiya, ka rubuta takarda ka sa mata ranar watan jiya, ba ka warware cinikin ba, ka dai jefa kanka cikin zargin ƙirƙirar takarda, kuma tambarin biyan harajin hatimi da ranar rajista za su tona asirin. Sa ranar gaba kuwa ya halatta, wani lokacin ma dole ne, idan yarjejeniyarku ta ce sai an ba wakili sanarwar kwana talatin. Amma a ganina wannan ita ce hanya mafi hatsari, domin ka gaya wa mutumin da ka daina yarda da shi cewa saura masa wata guda ya yi abin da zai yi. Idan babu makawa, takardar ta raba abin gida biyu: ikon sallamawa da karɓar kuɗi ya tsaya nan take sai da rubutaccen izininka, sauran hidimomi kamar karɓar haya su ci gaba zuwa ranar da aka sa. In ya ga an tauye masa hakki, ya nemi diyya. Biyan diyya ya fi rasa gida sauƙi.

Misali daki-daki

A ɗauka wani ɗan kasuwa ne mazaunin Jidda, yana da gida a Hotoro cikin Kano mai satifiket ɗin gwamnatin jiha. Bara ya bai wa ɗan ƙanwarsa wakilcin sayarwa, aka yi wa takardar rajista, ya kuma damƙa masa asalin satifiket. Da baki ya ce masa kada ya sallama ƙasa da naira miliyan 60, amma ba a rubuta wannan a takarda ba. Sai labari ya iske shi cewa yaron yana shirin sallamawa a miliyan 45. Ranar 3 ga Maris ya je ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda ya sa hannu a takardar sokewa, wadda ta ce ta fara aiki a ranar. Saboda nauyin ƙanwarsa bai kira yaron ba, ya ce bari takarda ta yi magana. Takardar ta iso hannun lauyansa a Kano ranar 10. Aka kai wa wakili ranar 12, ya sa hannu ya karɓa. Sanarwa ta fito a jarida ranar 14, aka shigar da takardar a hukumar filaye ranar 17.

Idan wakilin ya ƙulla ciniki a miliyan 45 ɗin ranar 25 ga Fabrairu, aka rubuta yarjejeniya, mai saye ya ba da kafin alƙalami na miliyan 10, to sokewar ba ta taɓa wannan ciniki ba. An ƙulla shi lokacin da wakilci ke raye, don haka ya hau kan mai gida. Iyakar farashin da aka faɗa da baki ba ta shafi mai saye ba tunda bai san da ita ba, sai dai mai gida ya bi ɗan ƙanwarsa kan saɓa umarni. Abin da sokewar za ta yi masa a nan shi ne ta hana cikon miliyan 35 shiga hannun yaron, in an sanar da mai sayen a rubuce cewa daga yau ga asusun da zai biya.

Idan cinikin ranar 7 ga Maris aka yi shi, takardar sokewa tana da kwana huɗu da sa hannu, amma tana cikin jakar kamfanin aika saƙo. Wakili bai sani ba, mai saye bai sani ba. Mai gida zai ɗaga takardarsa a kotu ya nuna 3 ga Maris, lauyan mai saye ya tambaye shi wa ya gaya wa. Mafi rinjaye cinikin zai tsaya. Kwana tara da suka wuce tsakanin 3 da 12 ga wata, kunya ce ta jawo su, kuma saƙo ɗaya na waya ɗauke da hoton takardar, wanda aka tura a ranar 3 aka ga alamar an buɗe, da ya rufe wannan giɓi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ya yarda da shaidar da ta fito daga na'ura in an cika sharuɗɗansa, saboda haka a adana wayar da saƙon, kada a goge.

Idan ranar 13 ne, labari ya canza ta ɓangaren wakili. Ya karɓi takarda jiya, yau ya sayar, wannan ha'inci ne tsagwaronsa, kuma ana iya binsa kuɗin har a kai shi gaban hukuma kan zamba. Amma gidan fa? Mai saye ya je hukumar filaye ya yi bincike, ya ga wakilci mai rajista, bai ga sokewa ba, ya ga asalin satifiket a hannun wakili. Nan ne shari'a ke tsawo. Mai gida zai yi ƙoƙarin nuna cewa mai sayen ya sani ko ya rufe ido da gangan: farashin ya yi arha fiye da ƙima, an yi komai cikin gaggawa, dillalin da ya haɗa su ya ji labarin sokewar, an biya kuɗin a asusun wakili ba a taɓa neman jin muryar mai gida ba. In bai iya nuna haka ba, yana iya tashi da hukunci a kan ɗan ƙanwarsa wanda ya riga ya kashe kuɗin, gida kuwa ya tafi.

Idan kuwa ranar 20 ne, bayan jarida da rajista, mai sayen ne ke cikin ruwa. Binciken da ya kamata ya yi zai nuna masa sokewar, kuma da wuya kotu ta saurari wanda ya ce bai duba ba.

Darasin lissafin a fili yake. Mai gidan ya rubuta rana ɗaya, amma cikakkiyar kariya ba ta same shi ba sai bayan mako biyu. Da ya tsara abin da kyau, da lauyansa ya kai wasiƙar gargaɗi hukumar filaye tun ranar 3 da kwafin takardar, kafin asalin ya iso.

Inda za a kai sanarwa

Wakili ne farko, kuma a kai masa ta hanyar da ke barin shaida. A ba shi hannu da hannu ya sa hannu da rana a kwafi. In ya ƙi karɓa, kamar yadda masu wayo ke yi, wanda ya kai ya tafi da shaida, ya rubuta abin da ya faru, ya yi rantsuwa a kotu a kai, a kuma aika ta kamfanin saƙo mai ba da rasit.

Sai hukumar filaye. Dokar rajistar filaye ta 1924, wadda jihohin Arewa suka gada, ta lissafa takardar wakilcin da ake iya sayar da ƙasa da ita cikin takardun da ake yi wa rajista. Idan wakilcin yana fayil, sokewar ma ta shiga fayil ɗin nan, bayan an biya harajin hatimi: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Rajista tana ɗaukar lokaci, don haka a haɗa da wasiƙar gargaɗi mai neman kada a amince da wata mu'amala kan fulotin sai an tuntuɓi mai shi, a karɓo kwafi mai tambarin ranar da aka karɓa. Wannan wasiƙa tana da ƙarfi saboda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana mayar da mallakar fili mai satifiket ɗin jiha sai da amincewar gwamna, kuma ta wannan ofis ake neman ta. Sai dai kada mai gida ya ruɗi kansa cewa rashin amincewar gwamna ya kashe cinikin da wakili ya riga ya ƙulla. Kotuna sun yarda a yi yarjejeniya tukuna a nemi amincewa daga baya, kuma mai saye yana iya neman kotu ta tilasta a cika masa.

Ga filaye da gidajen da ba su da satifiket, waɗanda cinikinsu ke bi ta hannun mai unguwa da dagaci, rajistarsu ta gaskiya tana can. Mai saye a irin waɗannan unguwanni ba KANGIS yake zuwa ba, wajen mai unguwa yake zuwa. A kai masa kwafi ya buga tambarinsa, a kai wa dagaci, a gaya wa maƙwabta na dama da hagu, a kai wa shugaban dillalan yankin. Masu haya a gidan su samu tasu wasiƙar, domin su ne ke buɗe wa masu dubawa ƙofa. Rubutun jan fenti a jikin katanga cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne, da lambar waya a ƙasa, ba ya da kyan gani, amma duk wanda ya zo duba gida sai ya karanta shi, abin da ba za a ce game da shafin talla na jarida ba. Jaridar dai a buga, a ajiye cikakken shafin mai ɗauke da kwanan wata.

Abu mafi muhimmanci bayan wannan shi ne karɓo takardu. Wakilin da aka cire amma yana riƙe da asalin satifiket, bindiga ce da harsashi a ciki. In ya ƙi bayarwa cikin wa'adin, a garzaya kotu a nemi umarnin hana shi taɓa gidan da na dawo da takardu. Rikicin mallakar fili mai satifiket ɗin gwamna, sashe na 39 na dokar 1978 ya ba babbar kotun jiha hurumin saurarensa, saboda haka kada a ɓata watanni a kotun da ba ta da iko.

Hakkin wakili, mutuwa, da gidan gado

Cire wakili ba ya cinye guminsa. Kuɗin da ya kashe da izini, na gyara ko na talla ko na biyan harajin fili, bashi ne a kan mai gida. Idan shi ya kawo mai saye, sai aka cire shi aka zagaya aka ƙulla da mutumin nan don a guje wa la'ada, yana da bakin magana a kotu. Sau da yawa biyan wannan hakki da wuri shi ke sa satifiket ya dawo ba tare da rigima ba.

Mutuwar mai gida tana rusa wakilci na yau da kullum ba sai an rubuta komai ba, gidan ya zama na magada. Amma matsalar sani tana nan yadda take, don haka magada su sanar da wakili da hukumar filaye a rubuce, kada su jira sai an yi sadakar arba'in. A gidan gado kuma da magada suka haɗu suka wakilta mutum ɗaya, wanda ya janye yardarsa ya janye ta ne a kan rabonsa, kuma lallai sauran magada da mai saye su samu sanarwarsa. Wanda kuma ya ji an sayar da abinsa ba da izini ba ya yi shiru, ko ya karɓi wani abu daga kuɗin, ya sani ana iya ɗaukar wannan a matsayin amincewa, a kotun boko da ta Musulunci baki ɗaya.

Kalma ga mai saye

Kai da za ka sayi gida daga hannun wakili, takardar da ya nuna maka tana gaya maka abin da ya faru ranar da aka rubuta ta ne, ba abin da ke nan yau ba. Ka yi bincike a hukumar filaye, ka sake yi ana gobe za ka biya. Ka nemi lambar mai gidan ta wata hanya daban, ba daga bakin wakili kaɗai ba, ka yi magana da shi ido da ido ko ta bidiyo, ya tabbatar maka a rubuce cewa wakilcin yana nan kuma ya yarda da farashin. Kuɗin kuma ka tura asusun mai gidan, sai in takardar ta faɗa ƙarara cewa wakili na da ikon karɓa. Duk wakilin da ya hana ka jin muryar mai gida, ka riƙe kuɗinka.